Me ya sa “munafuki” ta fi “yuziles” ciwo?

Baban Ummi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga masu ilimin Hausa da ke cikinmu. Zagin da ake yi a titi, in ka zauna ka tsince shi, akwai namu na gado, akwai wanda muka aro daga Larabci, akwai na Turanci. Abin da ya ɗaure min kai shi ne nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ka ce wa mutum yuziles ko nonsens, harararka zai yi ya wuce, wani ma dariya za ka ba shi. Amma ka ce masa munafuki ko azzalumi a bainar jama'a, tsayawa zai yi ya ce sai ka faɗa masa munafuncin da ya ƙulla, ƙarshenta sai dattawa sun shiga. To duka biyun ai aro ne. Me ya sa ɗaya ke shiga har ƙashi, ɗayan kuma iyakarsa fata?

Ustaz Kurna:
Wa alaikumus salam. Da farko dai mu ji tsoron Allah, zagin Musulmi fasiƙanci ne, da wane yare ka yi shi bai canza hukunci ba. Amsar tambayarka kuwa a fili take, Baban Ummi. Larabci harshen Alƙur'ani ne, dole kalmarsa ta yi nauyi. Munafuki shi ne wanda aya ta 145 a Suratun Nisa'i ta ce yana can ƙarƙashin ƙasan wuta. Wa zai yarda a jefa shi can? Kuma in ka bi diddigi kusan duk zagin Bahaushe Larabci ne, har shege ma daga shaƙiyyi aka samo ta.

Gayen Layi:
Ustaz an fara ke nan. Tambaya aka yi kan yare, ka buɗe mana majalisi 😂

Malamin Hausa:
Ustaz ya kama bakin zaren, amma maganar shege ban bi shi ba. Shaƙiyyi tana nan daram a Hausa da ƙ ɗinta, da jam'inta shaƙiyyai, da shaƙiyanci. Kalmar da ta zauna lafiya haka ba ta da dalilin sake rikiɗa ta zama shege, kuma ma'anarsu ba ta haɗu ba: ɗaya maganar rashin rabo ce, ɗaya maganar haihuwa ba aure.

Baban Ummi, ni a ganina amsar tana ga ƙofar da kowane harshe ya shigo mana ta ita. Larabci ta allo da littafi ya shigo. Tun zuwan Wangarawa Kano a ƙarni na 14, zamanin Sarki Yaji, wanda ke kawo kalmar Larabci cikin gari malami ne ko alƙali ko fatake masu karatu. Saboda haka kalmomin da muka samu na hukunci ne: munafuki, fasiƙi, fajiri, azzalumi, jahili, annamimi, makiri, maha'inci, almubazzari. Kowacce a cikinsu sunan laifi ne da aka san shi a wa'azi, aka san sakamakonsa a lahira. In ka jefi mutum da ita ba raina shi kawai ka yi ba, tuhumarsa ka yi. Shi ya sa yake tsayawa ya nemi hujja.

Turanci kuwa ta bariki da tasha da gareji ya shigo. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, kuma waɗanda suka fara jin Turanci kullum ba malaman zaure ba ne. Soja ne, da kuku, da boyi, da lebura, daga baya direba da makanike. Abin da suka kwaso sunayen wurare ne da sana'o'i da kayan inji. To da Bahaushe ya tashi zagi da su, sai ya zagi mutum da inda yake kwana da irin mutanen da yake bi: ɗan tasha, 'yar bariki, ɗan kamasho, tsohon fursuna. Wannan raini ne na matsayi. Yana da ciwo, amma bai ce Allah na fushi da kai ba.

Ɗan Mai Wurno:
Malam, bari in ƙara maka hujja daga nan Sudan. Mu da muka tashi cikin Larabawa, zagin da ake yi a kasuwa da cikin mota shi ne ya kalb, ya himar, ya harami. Kare, jaki, ɓarawo ke nan. Da na je ganin dangi a Kano ban ji ko mutum ɗaya ya ce kalb ba, kare dai ake cewa, jaki ake cewa. Larabcin da ke bakin mutanen Kano shi ne wanda mu a nan sai a huɗubar Juma'a muke jin sa. Har dariya abin ya ba ni, na ji wata tsohuwa na faɗa da mai kayan miya tana ce masa fajiri. A wurinmu wannan sai liman.

Malamin Hausa:
Madalla, ɗan'uwa. Ai ka gama maganar. Ba daga bakin Balaraben kasuwa muka koyi zagi ba, daga bakin mai tafsiri muka tsinta. Dabba ce kaɗai za a ce ta fito daga sunayen dabbobi, ita ma kalmar littafi ce.

Direban Funtuwa:
Allah gafarta Malam, ni fa ban ji daɗin yadda aka sa ɗan tasha cikin zagi ba. Shekaru na ina lodi, da tashar nan na aurar da 'ya'ya. Ɗan kamasho sana'a ce, shi ke tara fasinja ya rubuta, a ba shi lada. Mutanen gari ne suka ɓata sunan.

Amma maganar inji gaskiya ce, mu muka ba ku ita. In mutum ya fara sambatu sai mu ce notin kansa ya kwance. Mace mai faɗin duk abin da ya zo mata, bakinta ba birki. Yaron da ba ya jin magana, ba shi da saiti. Wanda ya sha ƙwaya ya yi caji. Tsohon da ya gaji ya kasa aiki a ce injin ya yi nokin, wanda ba ya moruwa gaba ɗaya kuwa kwandam ne, sai 'yan gwangwan. Duk a gareji aka haife su. Kuma ba a faɗa a kansu, sai dai a yi shewa, don wanda aka faɗa wa ma ya san noti ana ɗaure shi.

Na Turanci da na san yana sa jini ya hau shi ne na soja. Buladi ful, buladi sibiliyan. Shi ma ba kalmar ba ce, bindigar da ke kafaɗar mai faɗar ce.

Gayen Layi:
Baba Direba yanzu an wuce noti. Waya ce ke ba da zagi. Kansa ba sabis. Batirinsa ya yi lo. Ƙwaƙwalwarsa ta yi hangin. In mutum tsohon yayi ne a ce jagwal. In ba ya gane magana da wuri a ce netwok ɗinsa tuji ne 😂

Maman Hanifa:
Ni a makarantar 'yan mata nake koyarwa, kuma abin da nake gani ya ɗan bambanta da na Baban Ummi. Yarinya in ta ce wa 'yar'uwarta yuziles ko lokal, ba ma'anar kalmar ke ciwo ba. Abin da take nunawa shi ne ni na iya Turanci, ke ba ki iya ba. Na raba faɗan da ya tashi a kan lokal kaɗai, tsakanin wadda ta yi firamare ta kuɗi da wadda aka kawo daga ƙauye. Wadda aka zaga ba ta ma tabbatar da abin da kalmar ke nufi ba, amma ta ji yadda aji ya kwashe da dariya, ta gane an ce mata baƙauya da harshen da ba za ta iya ramawa da shi ba. Ta yi kuka kamar ranta zai fita. To ban yarda na Turanci iyakarsa fata ba. Ya danganta da wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa.

Munafuka kuwa, a bakin 'yan matan nan ta zama ruwan sha. Ƙawa da ƙawa ma suna faɗa suna tafawa.

Malamin Hausa:
Malama, wannan gyara ne mai kyau, kuma ya kai mu ga munafuki ɗin kanta, don ta cancanci a tsaya a kanta.

A littafi, munafuki shi ne mai bayyana imani yana ɓoye kafirci, sai kuma alamomi ukun nan na hadisi: in ya yi zance ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka amince masa ya ci amana. Amma ku saurari yadda ake faɗarta a unguwa. In aka ce wane munafuki ne, galibi ana nufin ya ɗauki maganar nan ya kai can, ya haɗa mutum biyu faɗa, ko ya kai rahoton abokansa wurin maigida. Wato ta cinye aikin annamimi, har annamimi ta koma kalmar tsofaffi da masu wa'azi. Ma'anar aƙida ta ja baya, ta zaman tare ta shigo gaba. Karin maganar ma haka ta nuna: munafunci dodo ne, yakan ci mai shi. Ba maganar wuta ake yi a nan ba, maganar ranar da asiri zai tonu ake yi.

Sai ku dubi jikinta. Munafuki, munafuka, munafukai, munafunci, ya munafunce ni. Namiji, mace, jam'i, sunan hali, aikatau, duk Hausa ta ɗinka mata. Haka azzalumi, azzaluma, azzalumai, zalunci, ya zalunce shi. A azzalumi da annamimi har “al” ɗin Larabci muka haɗiye tare da kalmar, muka ɗauka jikinta ne, shi ya sa muke cewa wani azzalumi, abin da Balarabe ba zai taɓa haɗawa ba. Wani abin lura kuma, munafuki da fasiƙi harafi ɗaya ne a ƙarshensu a Larabci, amma ɗaya ta zo da k, ɗaya da ƙ. Irin wannan bambanci na cikin abin da Joseph Greenberg ya duba a 1947 da ya raba aron Larabci a Hausa zuwa tsohon rukuni da na baya. Galibi wadda ta daɗe tana yawo a bakin jama'a ta fi gogewa, wadda malamai suka riƙe ta fi kama da asalinta.

Yanzu ku gwada da yuziles. Mene ne macenta? Mene ne jam'inta? Babu. A tsaye take ƙiƙam kamar baƙon da bai cire takalmi ba. Yawancin na Turanci sai an goya su a bayan ɗan ko 'yar kafin su yi aiki: ɗan tasha, ɗan sholisho, ɗan fo-wan-nain.

Gayen Layi:
Malam a nan kam zan ja da kai. Gaye fa? Gaye, gayu, gayunci. Tashanci, barikanci, leburanci. Infoma, infomomi. Ai su ma an ɗinka musu riga.

Malamin Hausa:
Ka yi daidai, ƙanena, kuma ka lura duk waɗanda ka kawo sun kwana biyu, in ka cire infoma. Bariki da tasha sun haura shekara ɗari a bakinmu. Ba asalin kalma ke hana ta shiga gida ba, daɗewa ce ke shigar da ita. Amma ga gwajin da ya fi tsanani. Hausa na da wani gini na siffanta mutum da abin da ya kama shi: la'ana ta ba da la'ananne, masifa ta ba da masifaffe, fitina fitinanne, jaraba jarababbe, azaba azababbe. Duk tushensu Larabci, kuma duk sun bi sahun tsinanne da lalatacce, waɗanda namu ne. Kawo min zagi ɗaya na Turanci da ya hau wannan gini.

Gayen Layi:
Birkitacce! Daga birki.

Direban Funtuwa:
Kai yaro, birki tsayar da mota yake yi, birkita kuwa juya abu ne. Kakata da ba ta taɓa shiga mota ba tana cewa yaro ya birkice mata.

Malamin Hausa:
Direba ya riga ni. Kama ce kawai ta sauti. Akwai canjajje daga canji, amma ba zagi ba ce. Irin wannan kamar ce ta sa mutane da yawa ke cewa boko daga kalmar Turanci ta littafi ta fito, alhali Paul Newman ya yi rubutu a 2013 ya nuna tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin bogi ko na yaudara, irin ta amaryar boko. Wato da kakanninmu suka ce karatun boko, zagin ne da kansa, kuma da Hausa tsantsa suka yi shi.

Ustaz Kurna:
To Malam, in nauyin daga littafi ne kamar yadda na faɗa tun farko, ai mun dawo magana ta.

Hajiya Ta Zage:
Ba ku dawo ba, Ustaz. Ni ban yi karatun harshe ba, amma na yi jika. In na ce wa jikana shaƙiyyi, ko shaiɗanin yaro, ko ibilishi, wasa nake masa, shi ma ya sani, dariya yake yana ɓuya a bayan ƙofa. Shaƙiyyin nan kuwa kai ka san abin da take nufi a littafi, wanda ya taɓe. Mu kuma mun mai da ita mai ban dariya. Yaran yanzu in abu ya burge su sai ka ji bala'in kyau, masifar daɗi, azabar tsada. Bala'i da masifa da azaba fa! Abubuwan da muke neman tsari da su bayan kowace salla. In yara suka cika gida da ɓarna mu ce Yajuju da Majuju sun sauka. Ina nauyin ya tafi?

Sannan ku da kuke cewa na Turanci ba ya ciwo, ku maza ne shi ya sa. A zamaninmu a ce wa mace 'yar bariki, ko a ce kilaki ce, wallahi gara a ce mata munafuka sau goma. Munafuka za ta yi aure. Wadda aka liƙa wa bariki kuwa sai iyayen manemi sun yi ta bincike. Kilakin nan da farko ma'aikacin ofis ne mai rubutu, sai sunan ya koma kan matan da ke zaman kansu suna ado irin na zamani suna hulɗa da masu albashi. Yanzu yara ba su ma san ta ba.

Baban Ummi:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Wannan ɓangaren na mata ban kawo shi a lissafi ba da na yi tambayar. Ke nan bariki a kan namiji wayo ne, a kan mace kuma tabo?

Hajiya Ta Zage:
Haka ne, ɗana. A ce namiji ɗan bariki ne, wani har ƙafafa yake, wai idonsa a buɗe yake, ba a cutarsa. Kalma ɗaya, riba ga wani, asara ga wata.

Ɗan Damagaram:
Gaisuwa ga manya. Mu nan Nijar Ingilishi bai mulke mu ba, amma tasha da bariki da ɗan tasha duk muna faɗi, sun hauro mana daga Kano da Katsina tare da kaya da motoci. Abin da yake daidai da yuziles ɗinku shi ne na Faransanci: ambesil, bandi, eskoro. Kuma abin da Malama ta faɗa haka yake a nan, wanda ya yi lakwal shi ke jefa su don a san ya yi. Tsoho a ƙauye ka ce masa ambesil bai san ka yi ba. Amma munafuki da azzalumi, daga Damagaram har Maraɗi har Tawa, babu wanda za ka fassara wa. Iyaka ta raba mu a zagin Turawa, ba ta raba mu a na Larabci ba.

Ustaz Kurna:
Abin da ya fi damuna ma ba a taɓo shi ba. Mutane na yanko aya su yi habaici da ita. Mace ta ga kishiya ta wuce sai ta ce hasidin iza hasada, ƙarshen Suratul Falaƙ ke nan fa. A tambayi mutum ya yi shiru a ce ya yi summun bukumun, wannan siffar da aka yi wa munafukai ce a farkon Baƙara. Shugaba mai tsanani a ce Fir'auna, mai kuɗi marowaci a ce Ƙaruna, maƙaryaci a ce Dujal. Na sunayen ban ce komai ba, amma yanko aya don a ci mutuncin wani, wannan wasa da wuta ne. Haka kafiri da ake jifan juna da ita a kan saɓanin siyasa ko na ƙungiya. Hadisi ya ce wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, to kalmar za ta koma kan ɗayansu.

Maman Hanifa:
Ustaz, mafi yawan masu cewa hasidin iza hasada ba su ɗauke ta aya ba a lokacin, suna suka ɗauke ta, kamar a ce mai hassada. Har “wani hasidin iza hasada” za ka ji an ce. Ban ce daidai ba ne, amma hakan ya nuna kowa ya bi ta makarantar allo, ƙananan surorin nan suna kan harshe tun ana shekara biyar.

Gayen Layi:
Kuma ustaz ɗin ma ai ta zama tsokana, afuwan Ustaz 🙏 In gaye ya ƙi zuwa fati a ce ya cika ustazanci. Wanda ba shi da ko sisi a ce masa Alhaji manya.

Bazamfare:
Ku yi haƙuri in shigo da abin da ba na dariya ba. Ku da ke birni kuna ta auna wace kalma ta fi ciwo. Mu nan wajenmu kalmar da ta fi kowace muni yanzu ta Turanci ce, infoma. Wanda aka ce shina kai ma ɓarayin daji labari, wa ya sai da shanu, wa ya dawo da kuɗi, ta ina jami'ai za su biyo. A ce maka munafuki, ka yi fushi ka kwana gidanka. A ce maka infoma cikin kasuwa, in ba Allah ya kiyaye ba ba ka kai gida. Akwai waɗanda da gaske suna wannan aiki, akwai kuma waɗanda gaba ce ta gona ko ta aure ta sa aka laƙa musu. Kalmar ba ta daɗe a bakin mutanen ƙauye ba, ba ta cikin wani littafi, ba wanda ya yi wa'azinta shekaru ɗari. To ina maganar ƙofa da daɗewa a nan?

Malamin Hausa:
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ɗan'uwa, misalinka ya fi duk nawa ƙarfi, amma ina ganin bai rushe maganar ba. Na ce na Larabci na da nauyi ne don tuhuma ce, ba raini ba. Infoma ma tuhuma ce, kuma a ma'ana ƙanwar munafuki ce ta unguwa: mai ɗaukar magana daga nan ya kai can. Bambancin shi ne hukuncin munafuki an bar wa Allah, na infoma kuwa mutane sun ɗauka a hannunsu. Ƙofar da ta shigo ma ta jami'an tsaro ce.

Bazamfare:
To ke nan ba harshe ba ne, Malam, abin da ka iya biyo bayan kalma shi ne nauyinta. Da Larabci da Turanci duk ba ruwansu.

Malamin Hausa:
Ban kai can ba. Ka ƙirga na Turanci masu tuhuma: infoma, kiriminal, fo-wan-nain, sai kaɗan. Na Larabci kuwa kusan dukkansu haka suke. Wannan rinjaye ba haɗari ba ne, tarihi ne ya kawo shi.

Barista:
Tunda an zo kan abin da ke biyo bayan kalma, bari in sa baki. Fo-wan-nain da Malam ya ambata lambar sashe ce, 419, a Kiriminal Kod da ake aiki da shi a kudu, sashen karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Mu a Arewa tun 1960 Final Kod muke bi, kuma zamba ba a wannan lamba take ba. Wato har lambar aro muka yi daga Legas, ta hanyar jarida da bakin 'yan kasuwa. Bahaushe na da damfara da zamba cikin aminci, amma ɗan fo-wan-nain ta fi nuna mai kwat da jakar takardu.

A kotu kuma alƙali ba ya tambayar asalin kalma. A tsohon Final Kod ɓata suna na sashe na 391, zagi da gangan don tada husuma na sashe na 399. Abin da ake dubawa shi ne me aka jingina wa mutum, a gaban wa, kuma me ya jawo masa. Inda abin ya fi tsanani shi ne ƙazafi a jihohin da suka kafa dokokin shari'a tun daga Zamfara a shekarar 2000. Jifan mutum da zina ba tare da shaidu huɗu ba bulala 80 ne, kamar yadda aya ta 4 a Suratun Nur ta faɗa, kuma a mazhabar Malikiyya kore wa mutum nasabarsa ma ƙazafi ne. To ku duba: munafuki da azzalumi, duk nauyinsu, ba su kai haddi ba, iyakarsu ta'aziri in alƙali ya ga dama. Mazinaci ta kai. Shege kuma, in an faɗe ta da nufin ainihin ma'anarta, ita ce ke iya kai mutum ga bulala, ga ta kuwa ba Larabci ba ce, ba Turanci ba.

Direban Funtuwa:
Barista, in haka ne ai duk tasha sai an zane mu. Mu shege yabo ne. Direba ya kauce wa rami da gwaninta, yaran mota su ce shege oga! Ɗan ƙwallo ya ci mai kyau, gidan kallo duk a ɗauka, shege!

Barista:
Shi ya sa na ce da nufin ma'anarta, Baba. Ana duba al'ada da yanayin da aka yi maganar. Wanda ya faɗa a gidan kallo daban, wanda ya tsaya a ƙofar gidan mutum ana rabon gado ya ce ai wane shege ne daban. Na biyun nan shi ke zuwa gabanmu, kuma da wuya ya ƙare a zama ɗaya, don sai an nemo waɗanda suka ji da kunnensu, su kuwa galibi dangi ne, ba mai son ya tsaya ya ba da shaida a kan ɗan'uwansa.

Hajiya Ta Zage:
Ni dai har yau ban ga an fasa wa wani kai don an ce masa fajiri ko nonsens ba. Wanda ke sa a zare wuƙa shi ne a ambaci uwa, ko a watsa wa mutum yatsu biyar. Wannan kuwa ba mu aro shi wurin kowa ba.

Ustaz Kurna:
Hajiya, a kan kafiri an zubar da jini, ba sau ɗaya ba.

Baban Ummi:
Barista, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. In mutum ya rubuta wa wani infoma a guruf na unguwa, ba a baki ya faɗa ba, kuma ƙarya ne, wanda aka yi wa zai iya kai ƙara?

Barista:
Zai iya, rubutu ma ya fi sauƙin kafa hujja. Ya ɗauki hoton saƙon yadda lambar mai turowa da ranar za su fito, kafin a goge, ya samu mutum biyu cikin guruf ɗin da za su yarda sun gani. Amma a irin yankin su Bazamfare ba kotu zan fara tura shi ba. Ya fara zuwa wurin mai gari da jami'an tsaro a ranar, a tara mutane a wanke shi a fili, ƙarar ta biyo baya.